Tambarin da ya zo ta WhatsApp ba tambari ba ne, hotonsa ne

Akwai wata jimla da masu zane da ma'aikatan maɗaba'a a Sakkwato suka gaji da ji: "Launi kawai za ka canza mana, ai ba wani aiki ba ne." Mai faɗin haka yawanci shugaban makaranta ne, ko sakataren ƙungiya, ko mai kamfani, kuma abin da ke hannunsa ɗan hoto ne da ya yi ta yawo daga waya zuwa waya. Idan aiki ya fito da dishi-dishi, ga wani bakin kore yana leƙowa ta gefen jan haruffa, sai a ce mai bugu bai iya ba, ko injinsa ya tsufa. An bar jaki ana dukan taiki.

Matsayina shi ne: duk hukumar da ba ta riƙe da tambarinta a siffar bekta, to ba ta mallaki tambarinta ba, hotonsa kawai take da shi. Kuma rina wannan hoto da sabon launi, alhali za a buga shi babba ko a ɗinka shi ko a yanka shi, asarar kuɗi ce da aka jinkirta. Laifin ya rabu biyu: akwai na masu ba da aiki da ke ƙin biyan kuɗin sake zane, akwai kuma na masu zanen da ke karɓar aikin da suka san ba zai yi kyau ba, su yi shiru. Sai dai ba kullum ne sake zane yake wajaba ba, kuma zan faɗi inda bai wajaba ba, don kada wani ya mai da wannan magana hanyar tatsar mutane.

Hula da awon tela

Kwamfuta tana ajiye zane ta hanya biyu. Ta farko ita ce rasta. A nan ana yanka hoto zuwa ƙananan ɗigogi masu kusurwa huɗu, waɗanda ake kira fiksel, kowane da launinsa. Ka dubi hular hannu da kyau: daga nesa zane ne mai lanƙwasa, daga kusa kuwa ɗinki ne ɗaya bayan ɗaya, kowane da zarensa. Hular ba ta san akwai wani zane a jikinta ba, ɗinki kawai ta sani. Haka JPEG da PNG suke, haka kuma duk hoton da waya ta ɗauka.

Ta biyu ita ce bekta. A nan ba a ajiye ɗigogi, umarni ake ajiyewa, kamar awon da tela ke rubutawa a littafinsa: da'ira ce, ga tsakiyarta, ga faɗinta, ga launin cikinta. Lissafin lanƙwasar da ake amfani da shi ya fito ne daga masana'antar mota a Faransa, inda Paul de Casteljau a kamfanin Citroën da Pierre Bézier a kamfanin Renault suka yi aiki a kansa wajen 1959 zuwa shekarun 1960, don zana jikin mota. Shi ne ginshiƙin Illustrator da ya fito a 1987, da CorelDRAW da ya fito a 1989, wanda har yau shi ne abokin aikin yawancin maɗaba'un ƙasar nan. Ga koriyar da'ira a fayil ɗin SVG:

```svg
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" viewBox="0 0 100 100">
  <circle cx="50" cy="50" r="45" fill="#008751"/>
</svg>
```

In kana son ta koma ja mai duhu, sai ka goge `#008751` ka rubuta `#8B0000`. Aiki ya ƙare, wuri ɗaya aka taɓa. Ko a kan katin shaida za a buga ta, ko a bangon bene, injin zai sake zana ta daga umarnin, gefenta kuma zai fito sumul. A rasta kuwa babu wata da'ira da za a ba umarni. Dubban ɗigogi ne, sai an bi su an warware, kamar wanda aka ba hula aka ce ya mai da koren zarenta ja.

Wata makaranta a Unguwar Rogo

Mu ƙaddara wata makaranta mai zaman kanta a Unguwar Rogo, irin waɗanda ke haɗa boko da Islamiyya. Tambarinta kore ne a kan fari: zobe, sunan makaranta ya kewaye shi da boko a sama da Larabci a ƙasa, buɗaɗɗen littafi a tsakiya. Hukumar makaranta ta sauya yunifom zuwa ja mai duhu, tana son tambari ya bi sahu. Wanda ya zana shi shekarun baya ya bar gari. Abin da ya rage shi ne JPEG mai fiksel 500 a faɗi, 500 a tsawo, wato ɗigo 250,000, a wayar shugaban makaranta. Ana son sa a wuri huɗu: kan takardar wasiƙa, fileks na bakin ƙofa, bajon aljihun riga, da hatimi.

Mu fara da girma. Lissafin mai sauƙi ne: ka raba yawan fiksel da yawan incin da za a buga. A kan takardar wasiƙa tambarin zai ci inci ɗaya da rabi, wato kusan fiksel 333 a kowane inci. Abin da ake nema ga takardar da za a riƙe a hannu shi ne 300, saboda haka nan babu matsala. A fileks kuwa ana son tambarin ya kai ƙafa biyu, inci 24. Ka raba 500 da 24, za ka sami kusan 21. Kowane ɗigo ya haura milimita ɗaya ke nan, ido na ganinsa. Gaskiya ne fileks ba ya bukatar 300, domin daga nesa ake kallonsa, amma wanda ke bakin ƙofa, inda iyaye ke tsayuwa taku biyu daga gare shi, yana son wajen 100. Tsakanin 21 da 100 akwai tafiya. Wasu sukan buɗe hoton su rubuta 300 a akwatin `Resolution` su ce an gyara. Kwamfuta ba ta san gaibu ba. Abin da za ta yi shi ne ta ƙirƙiro ɗigogi na tsaka-tsaki, dishi-dishin ya ƙara laushi, amma bayanin da ya ɓace ba ya dawowa.

Yanzu ga ainihin matsalar launi, wadda ko a ƙaramin bugu tana nan. Kai kana ganin launi biyu ne a tambarin, kore da fari. Fayil ɗin kuwa yana ɗauke da ɗaruruwa. Dalili na farko shi ne, ɗigo mai kusurwa huɗu ba ya iya yin lanƙwasa, don haka duk inda gefen zobe ya ratsa tsakiyar wani ɗigo, sai kwamfuta ta ba shi launin da ke tsakanin kore da fari, don ido ya ga gefen ya yi santsi. Idan koren shi ne `0, 135, 81` a ma'aunin RGB, fari kuma `255, 255, 255`, ɗigon da gefe ya raba biyu zai zama kusan `128, 195, 168`, wani kore mai haske. Mai zane ya zaɓi kore ya zuba ja: ɗigogin tsantsar kore sun koma ja, na gefe kuwa suna nan da korensu mai haske, domin ba su cika sharaɗin zaɓin ba. Ga asalin koren bakin da ke kewaye da jan harafi. Idan ya ƙara lambar `Tolerance` don ya kwashe su, sai su koma tsantsar ja, santsin gefen ya tafi, haruffa su yi kauri su fito da haƙora kamar zarto. Ko ta ina ya bi, akwai abin da zai bari.

A manyan siffofi ana iya jure wannan. A rubutu ne abin ke ɓaci. Sunan makarantar da ya kewaye zobe, a hoto mai fiksel 500, kaurin sandar harafinsa bai wuce fiksel huɗu ba. Ɗaya ta wannan gefe, ɗaya ta wancan, gauraye ne. Rabin harafin ke nan ba shi da tsantsar launin da ake son canzawa.

Dalili na biyu shi ne JPEG kansa. An tsara shi a 1992 don hotunan kyamara, na fuska da sama da itatuwa, inda launi ke sauyawa a hankali. Yana rage nauyin fayil ta hanyar raba hoto gida-gida, fiksel takwas sau takwas, ya zubar da bayanin da yake ganin ido ba zai lura ba. Inda kore ya haɗu da fari kai tsaye, wannan dabara tana barin ƙura-ƙura a kewayen haruffa, farin da ke kusa da su ya daina zama fari. Ƙari a kan haka, yawancin fayilolin JPEG suna ajiye bayanin launi a rabin ƙudurin bayanin haske, ta faɗi da ta tsawo. Wato a hotonmu mai 500, launin a zahiri 250 ne. Abin da muke son canzawa shi ne abin da fayil ɗin ya fi yi wa riƙon sakainar kashi. Kuma duk lokacin da aka buɗe aka sake ajiyewa, ko aka ɗauki hoton fuskar waya aka tura, ɓarnar tana iya ƙaruwa. A fileks ɗinmu, kowane gida na takwas sau takwas ya kusa santimita ɗaya. Mai wucewa a kan babur ma zai ga dabbare-dabbaren.

Bajo da hatimi kuwa ba su ma san da zancen ɗigo ba. Mai shirya ɗinkin inji yana bin gefen kowace siffa ne ya tsara inda allura za ta bi, kuma gefe mai hazo ba ya biyuwa. Injin yankan sitika wuƙa ce da ke bin layi. In babu layi, babu yanka. Mai buga riga da allon siliki yana raba launuka, kowane da allonsa, don haka yana son ja ya zama ja, fari ya zama fari. Hatimi tawada ce ko rashinta, babu kore mai haske a tsakani.

An sake wa tuwo suna

A nan ne nake da ƙorafi a kan wasu masu zane. Idan mai aiki ya ji an ce ya nemi bekta, ya je ya nema, sai a ɗauki JPEG ɗin nan a jefa shi cikin CorelDRAW, a ajiye da sunan `.cdr` ko `.pdf`, a miƙa masa. Waɗannan fayiloli jaka ne, suna ɗaukar bekta, suna ɗaukar rasta. Sunan jaka ba ya sauya abin da ke ciki. Wannan ha'inci ne, ko da mai yin sa bai ɗauke shi haka ba.

Ba sai ka zama mai zane za ka gane ba. Buɗe PDF ɗin ka yi ta ƙara girmansa a kan gefen wani harafi har iyakar abin da manhajar ta yarda. In gefen ya tsaya kaifi, bekta ne. In ya rikiɗe ya zama matakala ko hazo, hoto ne. Ko kuma ka tsaya a bayan mai zanen ka ce ya danna `View > Wireframe` a CorelDRAW, ko `View > Outline` a Illustrator. Tambarin gaskiya zai tuɓe launinsa ya bar siraran layuka, kowace siffa da nata. Na jabu zai tsaya a matsayin akwati guda, ba abin da za a kama a cikinsa.

Akwai ha'inci na biyu da ya fi wannan wayo, wato bin sawu na atomatik: `PowerTRACE` a CorelDRAW, `Image Trace` a Illustrator, `Trace Bitmap` a Inkscape. Abin da suke fitarwa bekta ne na gaske, zai ci jarrabawar da na faɗa a sama. Amma manhajar ba ta san zobe zobe ne ba. Gefen ɗigogi take bi, har da ƙurar JPEG. Cikakkiyar da'ira ƙulli huɗu take bukata. Wadda aka bi sawunta daga ƙaramin hoto takan fito da gommai, ta yi ɗan gurgunta kamar ƙwaryar da ta sha rana. Kusurwoyin haruffa su narke, harafin A guda biyu a suna ɗaya su fito ba iri ɗaya ba.

Ga wanda ke Sakkwato, haɗarin ya wuce na kyan gani. Tambura da yawa a garin nan suna ɗauke da Larabci, tun daga makarantun Islamiyya na unguwa har Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da takenta shi ne Iƙra'. A hoto mai fiksel 500, ɗigon harafin Larabci bai fi fiksel uku ko huɗu ba, kuma waɗannan manhajoji suna da saitin share ƙananan tabo, wanda ba ya bambanta ɗigon ba da ƙurar JPEG. Ɗigo biyu na ƙaf suna iya narkewa su zama ɗaya, kuma a rubutun Gabas ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama fa ce. Ta ta rasa ɗigo ta koma kamar nun. Makarantar da ke koyar da karatu ta rataya kuskuren rubutu a ƙofarta, da kuɗinta. Haka lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ take iya shafewa a rubutun boko, kuma kowa ya san ƙofa da kofa ba ɗaya ba ne. Bin sawu na atomatik yana da amfani idan asalin babba ne, baƙi a kan fari, mai tsabta, kamar sa hannu ko zanen alƙalami da aka yi wa sikanin da kyau. Ga ɗan hoton waya mai rubutu, gyaran gangar Auzinawa ne.

Yadda sake zane na gaskiya yake

Kafin a zana komai, a nemi asali. A tambayi wanda ya zana, a tambayi maɗaba'ar da ta taɓa buga kalanda ko takardar sakamako, a buɗe tsofaffin PDF a gwada su. Sau da yawa bektan yana kwance a wata kwamfuta. In kuma tambarin na wata uwar ƙungiya ne ko hukuma, reshe ba shi da hurumin sake masa launi ko zane. Hedikwata ake tambaya.

In ba a samu ba, mai zane zai sa hoton a shimfiɗar ƙasa ya kulle shi, ya zama jagora kawai. Zobe za a yi shi da kayan zana da'ira, ba da hannu ba. Littafin da ke tsakiya, a zana rabinsa a juya shi ya ba da ɗaya rabin, don ɓangarorin su daidaita. Rubutu ba a bin sawunsa. Ana gano nau'in harafin ne a sake bugawa, a ɗora shi a kan lanƙwasar zoben. Larabcin a ba wanda ya iya ya karanta kafin a wuce. Daga nan a mai da rubutun zane, da `Convert to Curves` a CorelDRAW ko `Create Outlines` a Illustrator, domin idan kwamfutar maɗaba'a ba ta da wannan nau'in harafi za ta musanya shi da wani, kuma ƙ da ɗ ne suka fi saurin komawa akwatin banza. A ajiye kwafi ɗaya da rubutunsa bai zama zane ba, saboda gyaran gaba.

Sai an gama wannan, an ɗora sabo a kan tsoho an ga sun hau juna, sannan a zo maganar launi. A nan ma akwai tarko: fuskar waya da haske take yin launi, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK, kuma jan da ke ƙyalli a waya yakan fito da duhu a takarda. Saboda haka a rubuta lambobin launin na RGB da na CMYK, a buga ɗan gwaji a kan irin fileks ɗin da za a yi amfani da shi, a fita da shi rana a duba kusa da yadin yunifom. A kuma fitar da kwafi baƙi zalla don hatimi, a buga shi a faɗin santimita uku a ga ko sunan yana karantuwa. Abin da makaranta za ta karɓa a ƙarshe shi ne fayil ɗin aiki, da SVG, da PDF na bekta, da babban PNG marar bango don amfanin yau da kullum. A tura su a matsayin `Document`, domin WhatsApp yana matse duk abin da aka tura a matsayin hoto.

Inda sake zane bai wajaba ba

Masu cewa wannan duk tsawaitawa ce suna da gaskiya a wuri uku. Na farko, idan tambarin launi ɗaya ne, kuma PNG ne marar bango. A irin wannan fayil santsin gefe ba a gauraya shi da fari ba, an ajiye shi ne a matsayin yawan bayyanar kowane ɗigo. Sai a kulle wannan, da `Lock transparent pixels` a Photoshop ko `Lock alpha channel` a GIMP, a zuba sabon launi a kan duka, ya fito tsaf ba wani baki. Aikin minti ɗaya ne, kuma duk wanda ya caje ka kuɗin sake zane a kansa ya cuce ka. Na biyu, idan amfanin na fuskar waya ne kawai, na yini ɗaya, kamar sanarwar taro, kuma ba za a ƙara wa hoton girma ba. Na uku, idan a tsakiyar tambarin akwai hoton gaske, na gini ko na mutum. Bekta ba ya kyautata wa irin wannan. Sai dai a bar hoton a rasta mai girma, a sake zana zobe da rubutu, ko kuma a yi shawarar sauƙaƙa tambarin gaba ɗaya.

Bayan waɗannan, tambayoyi huɗu sun isa. Fayil ɗin JPEG ne, ko bangonsa a manne yake? Akwai ƙananan rubutu, ko launuka biyu da ke taɓa juna? In an raba fiksel da inci, lambar ta gaza 300 a takarda, ko ta yi ƙasa da 100 sosai a fileks na kusa? Za a ɗinka shi, ko a yanka, ko a yi hatimi? In amsar ɗaya daga ciki e ce, a sake zane kafin a taɓa launi. Tambarin makarantarmu ta Unguwar Rogo ya faɗi a duka huɗun.

Hujjar da ta rage ita ce ta kuɗi, kuma ita ce mafi rauni. Sake zane sau ɗaya ake biyansa. Rina hoto kuwa ana biyansa duk lokacin da aka je sabuwar maɗaba'a, domin kowane mai zane zai yi nasa facin, ya zaɓi jan da ya ga dama, har a wayi gari jan bajo daban, na fileks daban, na takardar sakamako daban. Hukumar da tambarinta ke da fuska biyar ta sauƙaƙa wa mai buga takardar jabu aiki, tunda ita kanta ba ta iya nuna wanne ne na gaskiya. Araha ba ta ado.

Saboda haka, mai ba da aiki ya sa sharaɗi tun kafin ya biya kafin alƙalami: fayil ɗin bekta yana cikin ciniki, kuma za a gwada shi a gabansa. Mai zane kuma, idan aka kawo masa ɗan hoton waya aka ce launi kawai, ya ƙara masa girma a gaban mai shi, ya nuna masa koren bakin da matakalar gefe, ya faɗi kuɗin aikin gaskiya. Wanda ya gani da idonsa ya ce a buga haka nan, to fileks ɗinsa ne, kuma ba shi da bakin zagin mai inji.